Taurari Huɗu da Rabi da Hannun Yayana

Ni malamin lissafi ne a wani kolej a Dogon Dutsi. A shekarun da nake ba da labarinsu ina da wata ɗabi'a da abokaina na fada, wurin hirarmu da shan shayi, suka sha yi mini tsiya a kanta: ba na sauke wasa a wayata sai na bincike shi kamar mai neman aure. In aka ce ga sabon wasa ya fito, sai in ce a ba ni kwana biyu. In shiga inda ake sauke wasanni, in dubi taurarin da 'yan wasa suka ba shi, daga ɗaya zuwa biyar. In dubi mutum nawa ne suka bayar, don taurari biyar daga bakin mutum goma ba shaida ba ce, mai wasan da danginsa ma sun kai goma. Sannan in karanta sharhin mutane. Daga ƙarshe in nemi bidiyon wani yana buga wasan da hannunsa, ba tallan da masu wasan suka shirya ba, don talla kwalliyar ranar salla ce. Har doka gare ni, duk abin da bai kai taurari huɗu ba ba ya shiga wayata.

Gaskiya kuma na iya. Ban cika sauke abin da zan goge washegari ba. Ni mai son wasan gaggawa ne, wanda agogo ke gudu a sama kana gumi a ƙasa, kuma na san inda ake samun irinsa. Samarin unguwa har kawo mini wayoyinsu suke yi in duba musu, ni kuma ina hura hanci. Duk wanda ke raba wa ɗiyan mutane maki bisa ashirin daga Litinin zuwa Juma'a, a hankali sai ya ɗauka duniya ma haka ake auna ta.

Yayana ya girme ni da shekara goma sha huɗu. Shi ya zauna gida, a ƙauyenmu da ke bayan Tibiri, yana noman hatsi da damina, da rani kuma yana fama da rake da lambu a fadama. Shekara biyu ya yi a lakwal, wato makarantar boko, aka fitar da shi, faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Amma a dara ban taɓa ganin wanda ya kai shi ba. Bayan la'asar za a haƙa gurabe talatin a rairayi ƙarƙashin gawo, wannan da karare goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu, kowa na neman ya jera uku ya ci na abokinsa. Yayana in ya ɗauki kara sai ya riƙe shi a sama har shayi ya tafasa. Masu kallo su yi ta gunaguni, wani ya ce a kai masa tabarma ya kwana a nan. Ko gezau. In ya dasa karan, sai ka ga abokin wasansa ya gyara hula.

Bayan girbi, wata safiya, ya faɗi a bakin rumbu. Tansiyo ce, wato hawan jini, ta haye masa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kawo shi asibitin Dutsi, da aka sallame shi kuma ya zauna gidana sati uku tare da matarsa, don yana zuwa wurin mai motsa masa gaɓoɓi, wanda muke ce wa kine. Ƙafa ta dawo da wuri, har yana takawa da sanda. Magana ta dawo, sai ɗan nauyin harshe. Hannu ne ya tsaya. Yana ɗaga shi, yatsu uku na motsi, amma da rawa, kuma a hankali.

Kine ɗin ya gaya mana a fili cewa watannin farko su ne masu tsada, hannun da aka sa aiki kullum yana iya farfaɗowa, wanda aka bari kuma sai ya ƙage. Ya ce a zuba masa wake a ƙwarya ya riƙa tsincewa ɗaya-ɗaya zuwa wata ƙwaryar, safe da yamma. Yayana ya yi kwana biyu yana yi, fuska a ɗaure. Ya ce shi da ke cika buhu da wake ne yau za a sa ya ƙirga shi da yatsa. Kine ya yi dariya, ya ce to a haɗa masa da abin da ransa ke so, ko wasan waya ne, in dai yatsun za su yi aiki. Dara kam yayana ya ce ba zai koma ba sai hannun ya daina rawa, ba zai je ƙarƙashin gawo kara na faɗuwa daga hannunsa ana kawar da kai ba.

Da na ji an ambaci wasan waya sai na ji kamar an kira sunana a kasuwa. Duk jinyar nan ban tsinana komai ba ban da kai da kawowa a moto, wato babur, yau ga abin da na fi kowa sani ya zo. Na fito da tsohuwar wayata na share ta. Cikinta ƙarami ne, wasa ɗaya mai nauyi ya ishe ta, kuma ƙauyenmu rezo, wato sabis na waya, sai an hau tudu, don haka duk abin da za a sa sai a sa shi a Dutsi kafin su tafi.

Ana gobe za su koma, bayan azahar, muka zauna a rumfar tsakar gidana. Na jingina wayata da buta, ina buɗe masa bidiyon wasanni ɗaya bayan ɗaya. Na mota ya ce kansa na juyawa. Na harbi ya ce Allah ya kiyaye. Ina cikin wucewa sai ga wani bidiyo, allon gurabe ne kore, rijiya a gefe guda, fangali-fangali na lambu a warwatse, mai wasan yana jan hanyar ruwa da yatsa daga rijiyar, kuma dole ruwa ya kai kowane fangali ba tare da hanyoyin sun haɗu ba. Ba kiɗa, sai ƙarar ruwa. Mai bugawar ma ba ya magana, yakan tsaya ya daɗe kafin ya ja layi ɗaya. Har na kai yatsa zan wuce.

"Tsaya," in ji yayana. "Bar wanga."

Na bari. Ya matso da fuskarsa. Minti goma sha wani abu bidiyon, ya kalle shi tas, abin da bai yi wa ko ɗaya ba. Can tsakiya ya girgiza kai.

"Ya ɓata. Da ta ƙasa yab bi, da ruwa sun kai na ƙarshe."

Bai rufe baki ba mai wasan ya maƙale, ya goge layinsa ya bi ta ƙasa. Yayana ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun ranar da ya faɗi. Matarsa da ke wanke-wanke ta ɗago ta dube shi.

"Shi nika so, Mushe," ya ce. Haka yake kirana, wato malam a faransancinsa, tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana.

Na ce bari in duba. Na nemo wasan, sai ga taurari uku da 'yan kai. Na taɓe baki. Ban buɗe sharhi ko ɗaya ba, tunda dokata ta riga ta yanke hukunci. Na juya masa wayar na nuna masa da yatsa.

"Yaya, ka ga wanga? Uku ɗai gare shi. Da ɗalibina na, da ƙyar shi wuce aji. Akwai abin da ad damuwatai."

"To mi ad damuwatai?"

"Ban sani ba, amma mutane ba su rage mai maki banza."

Sai na nemo masa wani da na sani, wanda na taɓa bugawa da kaina na ji daɗinsa. 'Ya'yan itatuwa ne masu launi cike da allo, kana tura ɗaya gefe, in uku iri ɗaya suka jeru sai su fashe. Taurari huɗu da rabi har da ɗori, waɗanda suka ba shi kuma sun fi mutanen Arewa duka yawa. Na ce masa wannan ai dara ce ta bature, jera uku ne ka ci. Na buɗe masa bidiyon wani saurayi yana bugawa, yatsunsa kamar na mai kiɗan kalangu, allo na ta fashewa. Akwai agogo a saman allon yana ƙirgawa baya. Ba zan ce ban gan shi ba. Na gan shi, sai dai a idona agogon nan shi ne gishirin wasan.

Yayana ya kalli rabin minti ya ce, "Yana da sauri."

"Gwani na, shi as sa. Na farko-farko ba su da wuya. Yaya, dubban mutane sunka gwada shi, yaro da babba, kowa ya iya. Mutane dubu ba su taruwa bisa ƙarya."

Ya ce, "Kai ka sani. Aikinka na."

Na sauke shi, na kashe rezo na tabbatar yana tashi ba tare da shi ba, na ɗora masa wayar a kan cinya. Matakin farko ba agogo. Ya ɗaga yatsansa mai rawa, ya daɗe yana nema, ya tura mangwaro ɗaya. Uku suka fashe. Ya ci na farko, ya ci na biyu, ya ci na uku, allo ya cika da walƙiya da tafi. Nan take wasan ya fito da tambaya, wai in muna jin daɗinsa mu ba shi taurari. Na karɓi wayar na kunna rezo na danna biyar da hannuna, ina cewa ka gani ko. Minti bakwai ke nan da fara wasan. Haka na ƙara ƙuri'ata a kan tulin da na kafa hujja da shi, kuma ko a lokacin ban tsaya na tambayi kaina mutum nawa ne cikin dubban nan suka danna nasu a mataki na uku kamar ni ba.

Washegari na kai su tasha suka hau motar Tibiri.

Daga nan sai aiki ya haɗiye ni. Jarabawar zango, gyaran takardu, taron malamai. Nakan kira ranar Juma'a, lokacin da na san wani zai raka shi tudu da waya. In ce Yaya ya jiki, ya ce da sauƙi. In ce ya wasa, ya ce madalla, Allah shi yi albarka. Ni kuma in kashe waya ina jin daɗin kaina, har na ba da labari a fada cewa na yi wa yayana magani da wasa. Na girma a gidan nan, na san sarai cewa babban wa ba ya buɗe baki ya ce wa ƙanensa kyautarka ba ta yi ba. Ko ruɓaɓɓen goro ka ba shi zai sa a aljihu ya yi godiya. Na sani, amma madallar ta yi mini daɗi, ban tona ta ba.

Sai hutun bazara na samu zuwa, wata huɗu bayan tafiyarsu. Na sauka Kore Mai Ruwa na hau wata motar, daga Tibiri kuma na hau kabu-kabu. Na tarar da shi zaune a inuwar zaure, ya yi ƙiba kaɗan, har ya tashi ya tarye ni ba sanda. Na miƙa hannu, sai ya ba ni tsintsiyar hannunsa na dama, ya tallafo shi da na hagu. Yatsun a dunƙule suke cikin tafi. Muka gaisa, ya mayar da hannun cikin aljihun riga, bai sake fito da shi ba.

Matarsa ce ta gaya mini. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji, tun tana amarya nake ce mata ta bar tsoho ta dawo gare ni, ita kuma ba abin da ba ta iya gaya mini. Na same ta a bayan ɗaki tana tankaɗe, na fara tsokana kamar kullum, na ce ta rame don kewata. Ba ta yi dariya ba.

"Mijin banza," ta ce, idonta a kan rariya. "Kai da anka ce ka yi karatu. Mi kas sa ma mutum cikin waya?"

"Wasa mana. Ba shi bugawa?"

"Ya buga. Sati biyu shina bugawa, safe da marece, har wake shina tsinta ba a ce mai ba. Sai yak kai wani wuri da abin ka ƙirga lokaci. Kahin shi kai yatsa lokaci ya ƙare, sai wani ɗan biri shi hito shina kuka, abin shi yi wata ƙara. In ya faɗi sau biyar sai shi kulle, sai an jima shi buɗe. Kwana tara shina wuri guda. Ni da ba ni kallo har na hardace ƙarar."

"Don mi ba ku gaya mani ba?"

"Na ce a gaya maka, yac ce kul. Yac ce kai ka ce mai yaro da babba kowa ya iya. To tunda kowa ya iya shi bai iya ba, ba laihin wasa ba na, hannu na yam mutu. Ranar nan yas sa waya ƙarƙashin katihwa, yac ce in ɗauke ƙwaryar wake in dahwa. Tun ran nan bai ƙara taɓa ko ɗaya ba."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Kunya ce ta fara kama ni, sannan tsoro.

Na ce ta ɗauko mini wayar. Na kai ta wurin mai sharji da hasken rana, da ta tashi na zauna a bayan masallaci na buɗe. Mataki na goma sha bakwai. Daƙiƙa sittin, a fasa 'ya'yan itace kaza. Na buga da hannun dama na wuce a karon farko, har da sauran lokaci. Sai na koma na sake shi da hannun hagu, da ɗan yatsana na ƙarshe kaɗai. Na faɗi. Birin ya fito yana share hawaye, aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa na kasa. Na sake, na faɗi. A karo na uku na ji kamar in yi jifa da wayar, ni da lafiyata ƙalau, ni da na san wasa ne. Na yi ƙoƙarin lissafa sau nawa mutum zai ga birin nan a kwana tara, na bari.

Da safe na ari moto na tafi Tibiri inda rezo ke da ƙarfi. Na zauna a benci wurin wani mai shayi, na yi abin da ya kamata in yi wata huɗu da suka wuce, abin da bai fi minti goma ba. Na buɗe sharhin wasan 'ya'yan itacen, na zaɓi a nuna mini na masu tauraro ɗaya da biyu kaɗai. Ga shi nan a jere, ba a ɓoye ba. Wannan na kukan cewa daga mataki na goma sha biyar ake sa agogo kuma ba a iya cire shi. Wancan na cewa an yi matakan da wuya da gangan don a sayi ƙarin lokaci. Wata ta rubuta cewa ta sauke wa mahaifiyarta mai ciwon gaɓoɓi, tsohuwar ta yi kuka ta bari. Su kaɗan ne cikin taron, shi ya sa ba su ja makin ƙasa ba. Amma yayana cikin kaɗan ɗin nan yake, ba cikin taron ba.

Sannan na nemo na ruwan, mai uku da 'yan kai. Na buɗe na masu zaginsa. Kashi biyu ne. Na farko tsofaffin sharhi ne, na shekarar da ya fito, suna cewa yana rufe kansa a wasu wayoyi, kuma a ƙarƙashinsu masu wasan sun amsa cewa an gyara. Na biyu kuwa, da na karanta su sai da na ajiye kofin shayin. Wai wasan ya cika sanyi. Wai ba agogo, ba gasa, ba abin da ke korar ka, kana iya barin sa ka je ka dawo yana nan yadda ka bar shi. Wai in ka yi kuskure sai dai ka goge ka sake, ba wanda zai ce ka faɗi. Wani ya ba shi tauraro ɗaya ya ce wasan tsofaffi ne. Duk mutane irina ne suka rubuta, kuma kowane zagi da suka yi masa, da an karanta wa yayana, da ya ce a ƙara masa. Da na jera sharhin daga sababbi, yawancinsu huɗu ne da biyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan darasin ni nake koyar da shi. Duk shekara sai na tsaya gaban allo na ce wa ɗalibai matsakaicin maki ba ya gaya maka labarin kowa, ajin da rabi suka ci ashirin rabi suka ci sifili matsakaicinsa goma ne, alhali ba mai goma ko ɗaya a ciki. Taurari suna gaya maka ko wasa ya gamshi yawancin waɗanda suka sauke shi. Ba su san hannun wa zai riƙe wayar ba. Bidiyo kuwa ya yi aikinsa tsaf a ranar, yayana ya kalla, ya gane, har ya gyara wa mai bugawa, ya ce shi yake so. Ba a taɓa ba ni shaida mai ƙarfin wannan ba a duk binciken da nake taƙama da shi. Na ture ta don wata lamba, kuma don ina so a ce ni na zaɓa.

Na goge na birin, na sauke na ruwan. Kafin in tashi na kira kine ɗin nan na gaya masa komai. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa cewa da an ci gaba da hannun ya dawo, wani yana yin duk abin da aka ce kuma hannu ya ƙi. Ya ce a kawo shi a gani, ba a fid da rai, amma kada in sa ran abin da za a samu a da. Na gode masa. Na so in riƙe maganarsa ta farko in huta, ta ƙi riƙuwa, don matar yayana ta riga ta gaya mini cewa a sati biyun da ya yi yana wasan, yatsa na huɗu ya fara motsi.

Da la'asar na same shi a zaure. Daga nan ana jin hayaniyar 'yan dara a ƙarƙashin gawo, shi kuma yana zaune da rediyo. Na zauna ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Yaya, na zo in ba ka haƙuri. Wasan da nis sa maka ba naka ba na. Na masu gaggawa na. Ko ni da hagu ban iya wuce wurin da kat tsaya ba. Ba hannunka ba na, ni na yi kuskure."

Ya rage ƙarar rediyo. Ya dube ni ya daɗe.

"Wa yag gaya maka na tsaya?"

Ya kalli ƙofar cikin gida ya yi ɗan murmushi.

"Bakinta ba shi da ƙulli. Ba komi, Mushe. Kai alheri kay yi nuhi. Abin da Allah ya rubuta ba waya ka kankare shi ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fito da wayar na buɗe wasan, ƙarar ruwa ta tashi. Na ga ya gane shi nan take, don ya gyara zama. Na ɗora masa a cinya kamar wancan karon. Ya dube ta, ya dubi aljihunsa, sannan ya ɗauke ta da hagu ya miƙo mini.

"Riƙe. Kai ka ja, ni in hwaɗa maka."

"Yaya, ko da yatsa guda ka gwada. Ba agogo, ba mai korar ka."

"Na ce riƙe."

Na riƙe. Ya riƙa nuna mini da baki da haɓa, bi ta nan, a'a koma, zagaya bayan wancan. Wani lokaci ya yi shiru har in ɗauka ya manta da ni, sai ya ce ja ta ƙasa. Kafin magariba mun wuce mataki ashirin da biyu, ban sa masa baki ko sau ɗaya ba, kuma akwai guda biyu da ni kaina ban ga hanyarsu ba sai da ruwa ya kai. Kansa na nan garau yadda na san shi. Sau biyu na yi kamar yatsana ya kauce, ko zai ji haushi ya fizge wayar ya yi da kansa. Ya ce dai in natsu, malamin lissafi da rawar hannu. Hannunsa na dama bai fito daga aljihu ba.

Bayan mun dawo masallaci matarsa ta kawo tuwo da miyar kuka ta ajiye a zaure, kwano ɗaya da ruwan wanke hannu. Tun ina yaro ni da shi kwano ɗaya muke ci in na zo gida, shi yake tura mini nama gefena yana cewa 'yan lakwal ba su da jini. Na wanke hannu na matsa masa. Sai ya dafa bango ya miƙe.

"Ci abinka. Ni ciki nika ci yanzu."

"Yaya, zamna mu ci. Ni na hwa."

"Na san kai na," ya ce. "Ba a sa hagu cikin kwanon mutane."

Ya shiga ciki ya saki labule. Matarsa ta bi shi da ƙaramin kwano da cokali, ba ta dube ni ba. Na zauna da tuwon mutum biyu a gabana, ina jin ƙarar cokalinsa daga ɗaki, yana bugun kwano yana kaucewa. Na gutsuri loma ɗaya na riƙe ta har ta huce a hannuna.